Koko Yanzu, Ƙosai Sai An Dawo: Abin da Ya Kamata a Sa a Ciki Kafin Motsa Jiki Bayan Asuba

Duk wanda ya bi ta Crotona Park ko Claremont Park da sassafe, ko ya leƙa filin gudu na Macombs Dam Park da ke kallon Yankee Stadium, zai ga mutanenmu a cikin masu zagaye. Wasu daga masallaci suke, tazbaha ma tana hannu. Wasu iyaye mata ne da suka yi alkawari da juna. Da yawa likita ne ya ce su riƙa tafiya saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko nauyin jiki, kuma bayan Asuba ne kaɗai lokacin da aiki ya bar musu.

Koke iri biyu nake yawan ji a kantin magani daga masu wannan tafiya. Na farko zai ce: "Na fita ban ci komai ba, ina tsakiyar tafiya jikina ya mutu, na ga jiri." Na biyu zai ce: "Ni kuwa na karya kafin in fita, sai ciki ya kumbura, ƙwannafi ya taso mini har wuya." Da yawa daga nan sukan ajiye takalmin, su ce tafiyar ba ta karɓe su ba. Alhali abin da ya kamata a gyara ƙarami ne: wane abinci, nawa, kuma minti nawa kafin a fara. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gaskiya ne, amma wanda ya cika ciki fal shi ma ba zai iya sunkuyawa ya ja guga ba.

Ƙa'idar da wannan rubutu zai bi ita ce: in lokaci ya ƙure, a ci kaɗan, mai saurin narkewa, marar mai. Abinci mai nauyi ya jira a dawo.

Abin da dare ke yi wa jiki

Abincin da ke ba jiki ƙarfin gaggawa shi ne mai sitaci ko sukari, wanda masana ke kira kabohaidiret: tuwo, shinkafa, koko, burodi, doya, garin rogo, ayaba, dabino, zuma. Duk waɗannan in sun narke sukan koma sukarin jini, wato gulukos. Abin da jiki bai yi amfani da shi nan take ba sai ya zuba shi a rumbu biyu. Babban rumbu yana cikin tsoka, yana ɗaukar wajen giram 400 a jikin babban mutum. Ƙaramin yana cikin hanta, wajen giram 100.

Bambancin rumbunan nan biyu shi ne tushen maganar. Abin da ke cikin tsoka na tsokar ne kaɗai. Ba ta iya mayar da shi cikin jini don wani sashen jiki ya amfana. Hanta ce ke ɗiban nata tana zuba wa jini duk dare, domin ƙwaƙwalwa ba ta barci, kuma kusan gulukos kaɗai take ci. Saboda haka wanda ya ci tuwo da ƙarfe 8 na dare, ya fita tafiya da ƙarfe 6 na safe, ya yi awa goma hanta tana ciyar da shi. Ƙafafunsa na da guzurinsu, amma rumbun da ke riƙe da sukarin jini ya yi ƙasa sosai.

Wannan tazara ba ɗaya take ba duk shekara a New York. A watan Yuni alfijir kan keto kafin ƙarfe 4, kuma sallar Isha'i kan kai bayan ƙarfe 10, don haka abincin dare da Asuba suna kusa da juna. A watan Disamba kuwa rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:30 na yamma, wasu gidaje su ci abinci da wuri, alfijir kuma sai wajen ƙarfe 6. Mutum ɗaya zai iya fita da ciki wayam a lokacin zafi bai ji komai ba, sanyi ya shigo ya fara ganin jiri a tafiya iri ɗaya.

A nan sai a yi adalci. Mai lafiya wanda ba ya shan maganin sukari, in tafiyar minti 30 zuwa 40 ce a hankali, sau da yawa ba ya bukatar komai sai ruwa. Jikinsa zai ƙona kitse, hanta kuma ta ƙera sabon gulukos. In haka kake kuma kana jin daɗin tafiyarka, kada ka ƙara wa kanka abincin da ba ka bukata. Maganar cin wani abu ta shafi mutum uku: wanda ya riga ya ga yana jin kasala ko rawar jiki in ya fita haka nan, wanda zai yi abu mai ƙarfi ko mai tsawo kamar gudu da ƙwallo, da kuma mai shan maganin da ke saukar da sukari.

Dalilin da ya sa ciki ke tawaye

Narkar da abinci aiki ne, kuma yana bukatar jini. Da zarar mutum ya fara tafiya da sauri, jiki kan janye jini daga hanji ya tura wa ƙafafu. Duk abin da ke cikin tumbi a lokacin sai ya zauna yana jijjiga, ba ya gaba. Daga nan ne nauyin ciki, gyatsa, tashin zuciya da ciwon gefen haƙarƙari suke fitowa. Cikakken abinci kan ɗauki awa uku zuwa huɗu kafin ya bar tumbi, abu mai ruwa-ruwa kuwa ya fi saurin wucewa nesa ba kusa ba.

Abubuwa uku ne suka fi riƙe abinci ko tayar da ciki, kuma duk suna cikin karin kumallonmu na zongo. Na farko mai. Shi ne ya fi komai jinkirta fitar abinci daga tumbi, ga shi kuma ƙosai, pinkaso da masa duk daga cikin mai suke fitowa, haka ma burodi da soyayyen ƙwai. Na biyu wake. Yana da wani irin sukari da hanjinmu ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin da ke babban hanji su ci shi su saki iska. Shi ya sa shinkafa da wake, duk da amfaninta, ba abincin mai shirin tafiya ba ce. Na uku madara. Manya da yawa daga Afirka ta Yamma ba sa narkar da sukarin da ke cikin madara da kyau, sai ka ji ciki na ƙugi da murɗa bayan shayi mai kauri. Wanda ke da wannan ya san kansa.

A ƙara da yaji. Kokonmu yana da citta, kanumfari da barkono, ga ɗan tsami. Ga yawancin mutane ba matsala. Amma mai fama da ƙwannafi gara ya dama wanda yajinsa bai yi yawa ba, ko ya koma kunun ots da aka dafa da ruwa. Akwai kuma wani tarko a alewa da biskit da ake sayarwa da sunan marasa sukari: sau da yawa ana zaƙaƙa su da sinadarai irin su sobitol, masu kawo kumburi da zawo, kuma ba za su ɗaga sukarin wanda nasa ya faɗi da sauri ba.

Agogo ne ke zaɓar abincin

Kafin a buɗe firij, a duba agogo. Minti nawa ya rage a fara motsi?

In abin da ya rage minti 15 ne ko ƙasa, kamar wanda zai wuce filin tafiya kai tsaye daga masallaci, giram 15 zuwa 20 na kabohaidiret ya isa, kuma ya zama abin da ba ya bukatar dogon narkewa. Ƙananan dabino guda uku sun kai wannan, domin kowane yana da giram 5 zuwa 6. Amma manyan dabinon nan masu laushi da ake kira majhul, ɗaya tak yana da wajen giram 18. Wanda ya ci uku ya ci fiye da giram 50 bai sani ba. Rabin babbar ayaba ma ya yi, ko cokali ɗaya na zuma a ruwan ɗumi, wanda ke da wajen giram 17.

In akwai minti 30 zuwa awa ɗaya, kamar wanda zai sa wani abu a baki kafin ya fita sallah, ana iya kai wa giram 25 zuwa 30. Matsakaiciyar ayaba guda tana da wajen giram 27. Yankan burodi ɗaya, mai giram 13 zuwa 15, da ɗan zuma a kai, ya kai wannan. Nan ne kuma koko ya fi dacewa: ƙaramin kofi, tsararo, ba madara, ba gyaɗa. Ƙarfin koko yana ga kaurinsa da sukarin da aka zuba. Kowane ƙaramin cokalin shayi na sukari giram 4 ne, saboda haka mai zuba cokali huɗu ya ƙara giram 16 a kan na geron. Cokali ɗaya ya wadatar.

In kuwa akwai awa biyu zuwa uku, misali ranar Asabar ko Lahadi da za a fita da hantsi, sai a karya sosai: koko da burodi, ko ots da ayaba, har da dafaffen ƙwai. Soyayyen abu da wake dai su jira.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Wani zai ce ya sha lemon kwalba ko shayi mai sukari sosai rabin awa kafin ya fita, amma duk da haka ya ji jiri. Abin da ke faruwa shi ne, sukari mai yawa a lokaci ɗaya kan sa jiki ya saki insulin da yawa don ya kwashe shi daga jini. Insulin na kan ganiyarsa bayan minti 30 zuwa 45, daidai lokacin da tsoka ita ma ta fara zuƙar sukari. Masu kwasa sun zama biyu, sai sukarin jini ya faɗi a minti 15 zuwa 20 na farkon tafiya. Ba kowa wannan ke samu ba, kuma ga mai lafiya yakan wuce da kansa. Wanda yake samu sai ya rage yawan zaƙin, ko ya matsar da shi dab da fara tafiya, domin motsin kansa yana hana insulin tashi sosai.

Mai son rage nauyi kuma ya lura da lissafi. Babban begel na bodega yana iya kai giram 50 zuwa 60 na kabohaidiret tun ba a shafa masa komai ba, wato kamar yankan burodi huɗu. Ƙarfin da ke cikinsa ya fi wanda tafiyar minti 40 ke ƙonawa. A kan duk abincin da ke cikin leda ko kwali, a duba layin da aka rubuta `Total Carbohydrate`, sannan a duba `Serving size` a sama, domin lambar ta wannan mudu ce, ba ta ledar gaba ɗaya ba.

Gargaɗi ɗaya: mai ciwon ƙoda da aka ce ya rage fotasiyam, ayaba, dabino da ruwan lemon zaƙi duk suna da shi da yawa. Burodi da zuma sun fi masa.

Mai shan maganin sukari: misali daki-daki

A nan ne kuskure ke iya kai mutum asibiti. Zan rubuta sunayen magunguna kamar yadda suke a jikin kwalba don a iya dubawa. Magungunan da suka fi faɗar da sukari fiye da kima su ne allurar insulin da ƙwayoyin nan uku 'yan gida ɗaya: glipizide, glimepiride da glyburide. Aikinsu tilasta wa jiki sakin insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari. Nasa laifin damun ciki ne in an sha shi ba abinci.

Mu ƙaddara wani dattijo mai shekara 62, direba, yana shan glipizide da metformin, da kuma maganin hawan jini mai sa fitsari, hydrochlorothiazide. Ya ci tuwo da ƙarfe 8 na dare. Ya tashi ƙarfe 5, ya gwada sukarinsa ya ga 98. Don kada ya manta, sai ya haɗiye ƙwayoyinsa duka da kurɓin ruwa, ya tafi masallaci. Ƙarfe 6 ya fara zagaye a filin Macombs Dam, wanda kowane zagayensa mita 400 ne. Wajen 6:25 sai hannunsa ya fara karkarwa, gumi mai sanyi ya keto masa, gabansa na faɗuwa, ga yunwa kamar an kwashe masa hanji. Ya zauna ya gwada: 64.

Lissafin a fili yake. Glipizide kan fara aiki cikin kamar minti 30, ya kai ƙarfinsa tsakanin awa ɗaya da uku. An ƙera shi ne don a sha rabin awa kafin abinci. Dattijon nan ya sha shi ya ba shi tafiya maimakon abinci. Hanta ta kwana tana aiki, insulin ya hana ta sakin ɗan abin da ya rage, ƙafafu kuma suna ta zuƙa.

Duk abin da ya yi ƙasa da 70 mg/dL a na'ura faɗuwar sukari ce, ƙasa da 54 kuwa ta yi tsanani. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka tana koyar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, ta 15 da 15: a tsaya, a ci giram 15 na sukari mai sauri, a jira minti 15, a sake gwadawa. In har yanzu bai kai 70 ba, a maimaita. Giram 15 shi ne ƙwayoyin gulukos huɗu da ake sayarwa a kowane kantin magani ba da takardar likita ba, ko rabin kofi na ruwan lemo, ko cokali ɗaya na zuma ko sukari. Cakulan da ƙosai ba su dace ba a wannan hali, domin man da ke cikinsu zai jinkirta sukarin. Bayan ya dawo daidai, tafiyar ranar ta ƙare. Ya je ya ci abinci sosai, domin maganin yana nan yana aiki na wasu awanni, kuma kada ya hau sitiyari sai hankalinsa ya dawo garau, na'ura ta tabbatar.

Washegari, saboda tsoro, sai mu ce ya sha babban kofin koko mai madara da ƙosai biyar kafin ya fita. Sukari bai faɗi ba, amma a zagaye na uku ƙwannafi ya tsayar da shi, kuma da ya gwada bayan awa biyu ya ga lambar ta haura 200. Ya gudu daga rami ɗaya ya faɗa wani.

Ga tsarin da zai fi masa, bayan ya yi magana da likitansa ko mai harhaɗa maganinsa. Da ya tashi, ya gwada sukari, ya sha cikakken kofin ruwa. Glipizide ya jira sai an dawo, a sha rabin awa kafin karin kumallo na gaske. Metformin kuma a sha tare da abincin. In na'ura ta nuna ƙasa da 90, shawarar da ƙungiyar ta bayar ga masu irin wannan magani ita ce a ci giram 15 zuwa 30 kafin a fara: ƙaramin kofin koko kafin sallah, ko ayaba guda. In tsakanin 90 da 150 yake, ƙananan dabino uku a bakin fili sun isa, wata rana ma ba sai an ci ba, muddin suna cikin aljihu. In ya haura 150, ba ya bukatar komai sai ruwa. Masu ciwon sukari da yawa sukan wayi gari da lamba mai yawa, domin jiki kan saki sukari da kansa gab da asuba. In kuwa ya wuce 250, musamman ga mai allurar insulin ko mai jin jikinsa ba daidai ba, a fasa motsa jiki mai ƙarfi, a tuntuɓi likita. Ƙosai da ƙwai suna nan suna jira ƙarfe 7:30, lokacin da jiki ya fi iya karɓarsu.

Mako ɗaya ya riƙa rubuta lamba uku a takarda: ta tashi daga barci, ta gama tafiya, da abin da ya ci. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan takarda ita zai kai wa likita, kuma da ita za a san ko maganin kansa ne ke bukatar ragi, domin wanda ya dage da tafiya sau da yawa bukatarsa ta magani kan ragu. Mai allurar insulin kada ya canza yawanta ko lokacinta da ka.

Abubuwa biyu kuma da suka shafi magani. Masu shan metoprolol ko atenolol don zuciya ko hawan jini, waɗannan kan ɓoye karkarwa da bugun zuciyar da ke gargaɗin faɗuwar sukari. Gumi ne alamar da takan rage, don haka gumin da bai dace da yanayi ba a ɗauke shi da muhimmanci. Masu allurar mako-mako irin su Ozempic kuwa, maganin yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, saboda haka ko ƙaramin abinci kan daɗe. Su ba da tazara fiye da ta kowa, su zaɓi mai ruwa-ruwa.

Jirin da dabino ba ya magani

Ba duk jiri ne na sukari ba, kuma wanda ya ɗauka haka zai yi ta cin zaƙi a banza. Mutum kan wayi gari da ƙarancin ruwa a jiki, musamman lokacin sanyi da na'urar ɗumama ɗaki ta kwana tana busar da iska. In aka haɗa da maganin fitsari, ko tamsulosin da dattawa maza da yawa ke sha don matsalar fitsari, jini kan yi jinkirin kaiwa kai in an miƙe tsaye.

Ga yadda ake bambanta su. Jirin ƙarancin ruwa ko saukar jini kan zo ne da canjin tsayuwa: an ɗago daga sujada, an tashi daga benci, ko an tsaya cak bayan tafiya da sauri. Ido ya yi duhu na 'yan daƙiƙu, in an zauna ko an kwanta ya wuce. Na sukari kuwa yakan taso a hankali ana cikin tafiya, da karkarwa, gumi da yunwa, kuma zama ba ya kore shi sai an ci wani abu. Na'ura ce alƙali: in ta nuna 110 ana ganin jiri, a nemi dalilin a wani wuri. In babu na'ura a kusa kuma mutum na shan maganin da ke faɗar da sukari, a ɗauka na sukari ne a yi maganinsa, a bincika daga baya.

Maganin na farkon shi ne kofi ɗaya ko biyu na ruwa da an tashi, sai dai wanda likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. A fara tafiya a hankali na minti biyar, a kuma ƙare ta a hankali na minti biyar. A tambayi likita ko za a iya mayar da maganin fitsari zuwa bayan tafiya.

Akwai jirin da ba a tsayawa lissafi a kansa. In ya zo da ciwo ko nauyi a ƙirji, numfashi ya ƙi, baki ya karkace, magana ta harɗe, ko hannu ɗaya ya mutu, a kira 911 nan take. Haka ma in mai ciwon sukari ya suma ko ya kasa haɗiya: kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a kira 911.

Matasan ƙwallo da masu azumi

Samarinmu da ke buga ƙwallo awa ɗaya da rabi da safiyar Lahadi lissafinsu daban ne. Masana abincin 'yan wasa kan ba da shawarar giram 1 zuwa 4 na kabohaidiret ga kowane kilo na nauyin jiki, awa ɗaya zuwa huɗu kafin wasa mai tsawo. In lokaci kaɗan ne, a tsaya a ƙasan ma'aunin. Saurayi mai kilo 70, wato wajen fam 154, in saura awa ɗaya, giram 70 yake nema: ayaba guda, yankan burodi biyu da cokalin zuma. In wasan ya wuce awa ɗaya, ayaba ko ɗan dabino a hutun rabin lokaci zai riƙe masa ƙafa. Shinkafar da ya ci daren Asabar ita ce ke cika rumbun tsokarsa, don haka kada ya kwana da yunwa.

Mai azumi kuwa, na Ramadan ne ko na Litinin da Alhamis, matsalarsa ita ce ya cika ciki da sahur, kuma in sukari ya faɗi a hanya sai ya karya azumi. Gara a mayar da tafiyar ranar zuwa bayan shan ruwa da kamar awa ɗaya ko biyu. In kuwa na'urar mai ciwon sukari ta nuna ƙasa da 70 yana azumi, likitoci sun haɗu a kan ya karya nan take, kuma malamanmu sun sha faɗa mana cewa addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Tun da dare a ajiye abubuwa huɗu kusa da takalmi: gorar ruwa, ƙananan dabino uku a leda, na'urar gwaji da ƙwayoyin gulukos ga mai bukata, da 'yar takarda mai ɗauke da sunayen magungunan da ake sha. Wanda kuke tafiya tare ya san aljihun da suke. Wanda kuma bai tabbata ko maganinsa na cikin waɗanda aka ambata ba, ya tattara kwalabensa a leda ya kai kantin maganin da yake karɓa, a duba masa. Ba a biyan ko sisi don wannan. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amin.